Gilashin da Bai Sauka Ba

Malamai sun bambanta sanin darajar kai da girman kai, ko da yake su biyun kan fito daga tushe ɗaya. Sanin darajar kai shi ne mutum ya ƙi wulaƙanta kansa domin abin hannun wani, kamar yadda manomin Gummi ke alfahari da rumbun da guminsa ya cika, ko Bazamfare ke tuna cewa sarautar da ke Anka ta girmi jihar da aka ƙirƙiro a 1996 da ɗaruruwan shekaru. Irin wannan alfahari ba ya rage wa kowa komai. Girman kai kuwa an san shi da alamu biyu, wato ƙin karɓar gaskiya da raina mutane, kuma abin baƙin ciki shi ne duka biyun suna iya haɗuwa a tagar mota guda.

Gaskiyar da ake nufi a nan an saye ta da tsada. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙauyuka irin su 'Yargalma da Dareta da Abare, domin dutsen da ake haƙowa saboda zinariya yana ɗauke da dalma, kuma idan aka niƙa shi a busasshe cikin gida sai ƙurarsa ta kwanta a tsakar gidan da yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa kafin magani ya yi amfani, tun da yaron da aka yi wa magani ya koma cikin ƙurar gubar za ta sake shigarsa.

Saboda haka dattijon da ya taka da sandarsa zuwa motar mai injin niƙa domin ya ce a janye injin daga jikin katangar mutane ba roƙo ya je yi ba. Amsar da ya samu ita ce gilashi mai duhu da aka sauke faɗin yatsa uku. Ta wannan 'yar kafa gaisuwa ba ta wucewa, balle nasiha, amma takardar kuɗi ta wuce, kamar dai abin da ya kawo tsohon ke nan. Wanda ya san darajar kansa da ya buɗe ƙofa ya fito ya durƙusa, domin ba ya tsoron durƙuson zai rage masa wani abu.

Yatsa uku, ga mutumin da ya rubuta wa mai motar allonsa na farko! Nasarawa Burkullu ba ta yi girman da za ta manta wanda ke tura baron kaya ranar kasuwa ba, kuma tura baro sana'a ce da babu abin kunya a cikinta, sai ga wanda yanzu yake murtuke fuska idan an kira shi da laƙabin wancan lokaci. Baƙar motar da ke kwana kusa da injin ɗaya ce tak a unguwar, injin kuma bai daina aiki ba har yau, alhali gidan da ƙurar ke fara sauka a cikinsa na ƙanwar mahaifiyar mai motar ne.