Lasifikar Waya Idan Ta Yi Mura

Lasifikar waya tana dushewa ne galibi saboda ragar da ke bakinta ta toshe. Ƙurar hunturu da maiƙon hannu da zaren aljihu suna haɗuwa su daskare a ƴan ramukan, sai murya ta riƙa fita kamar mai ita yana magana daga cikin randa. A bayan ragar, ba da nisa ba, akwai wani tantani da bai kai takarda kauri ba. Shi maganaɗisu ke girgizawa sauti ya fito, kuma duk wata dabarar shara shi take karewa.

Kafin a taɓa komai, a saurara. Idan sautin ya yi ƙasa amma babu gargada, toshewa ce. Idan kuwa yana karkarwa da zarar an ƙure murya, mai yiwuwa tantanin ya yage ko wani abu ya hau kansa, kuma wannan ya fi ƙarfin burushi.

A kashe wayar, a cire rigarta, a juya ramukan su kalli ƙasa domin abin da aka tono ya faɗo waje. Sai a sa busasshen burushin haƙori mai laushi a riƙa sharewa a kaikaice, daga gefe zuwa gefe, ba tare da dannawa ba. Abin da ya ƙi fita, a naɗe salatef, danƙon yana waje, a dangwala a ɗaga. Maiƙo mai taurin kai yana sakin jiki idan an ɗan jiƙa bakin burushin da sifirit aka yarfe, amma ba a ɗiga shi cikin ramin.

Labarin wani mai walda ya isa misali. Maganaɗisun wayarsa ya yi ta zuƙo garin ƙarfe, har idan matarsa ta kira shi yakan tambaye ta ko mura take yi. Ya fara da hurawa da baki, ya ƙara wa ƙurar yawu. Daga nan ya tsallaka wurin maƙwabcinsa mai faci, wanda ya ce, “Kawo, Oga, wannan ai aikin iska ne,” ya saita bututun da yake cika tayar tirela. Garin ƙarfen da ke bakin raga ya samu rakiya har ɗaka. Da sauti ya ƙara shaƙewa, sai aka ɗauko allura, a cewarsu don a buɗe masa hanya. Hanya kam ta buɗe, har ta cikin tantanin. Bai tsaya nan ba, ya bi ɗan ramin da ke gefe ya caka, ashe na makirufo ne. Da la'asar ba ya jin kowa, kowa ba ya jinsa, abin da masu binsa bashi suka ɗauka da gangan ne.

Da tun farko salatef ya sa, da ya kwashe abin da ke bakin ragar. Wanda ya riga ya manne a ciki kuwa, sai mai gyara ya buɗe wayar, sau da yawa ma ya sauya lasifikar ɗungurungum.