Dinar Daren Asabar

A gidanmu duk wanda ya yi jami'a ya zama magatakarda, don haka da aka sa ranar auren ƙanwata a watan Sha'aban, lokacin da kowa ke rige-rigen kai amarya kafin azumi, ni aka danƙa wa rubuta katin gayyata. Baffa ya ce aikin minti biyar ne.

Layin farko kawai ya ci mana mako guda. Na rubuta cewa iyalan marigayi mahaifinmu da iyalan gidan ango na farin cikin gayyatar jama'a ɗaurin auren 'ya'yansu. Baffa ya duba ya ce, "Yanzu ni waliyyin yarinya, ina nake a nan?" Na sa shi. Kawu ya ji labari, ya aiko a tuna mini cewa amarya ba daga sama ta faɗo ba, tana da dangin uwa. Na sa shi. Gidan ango suka bugo waya cewa nasu baffan ya sauke farali tun tuni, a gyara Malam ya koma Alhaji, kuma a ƙara sarautarsa. Kafin a gama, sunan amarya da ango sun matse a can ƙasa kamar 'yan cin arziki.

Sai lokacin ɗaurin aure. Baffa ya ce a rubuta "bayan sallar Juma'a", haka aka gada. Abokan ango suka ce a sa musu ƙarfe nawa, domin a Kano wani masallacin ya sallame tun wajen ƙarfe ɗaya, wani sai bayan biyu, shi kuwa ɗaurin aure daga neman aure zuwa faɗin sadaki da fatiha bai fi minti goma ba. Wanda ya yi salla a wani masallaci sai dai ya tarar da ɓawon alewa. Nan na nuna gwaninta: "Juma'a 7 ga Fabrairu, da zarar an idar da sallar Juma'a, ƙarfe 2:00 na rana", na sa sunan masallacin da unguwa. Kwanan watan Musulunci kuwa na bar shi, tunda a Rajab za a buga katin, kuma sai Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata za a san ko bakwai ne ko takwas.

Da na zo kan dina, wuri ya ƙare a katin, albarkacin baffanni. Na taƙaita: "Dina: daren Asabar, ƙarfe 8:00", da sunan ɗakin taron a Titin Gidan Zoo. Amarya ta karanta, ƙawayenta suka karanta, kowa ya ce ya yi.

Amma a lissafin Gwaggo, wanda shi ne na malamai da kakanni, dare ne ke riga yini. Rana na faɗuwa ran Juma'a, an shiga daren Asabar. Saboda haka ran Juma'a bayan isha'i ta ciko mota da matan Bichi, kowa da anko, suka dira ɗakin taron. Ɗakin kuwa a cike, domin a Sha'aban ba ya kwana ba biki. Mai gadi ya ga tsofaffi cikin atamfa iri ɗaya, kunya ta hana shi tambayar katin shiga. Aka ba su tebur biyu, aka kawo shinkafa da kaji.

Gwaggo ba ta gani sosai da dare, amaren yanzu kuma in an yi musu kwalliya ko uwarsu sai ta ƙura ido. Ta shiga fili ta yi guɗa, ta liƙa wa 'yar mutane sababbin 'yan ɗari biyu-biyu da ta yi wata tana tanadi. Abin da ya ɗan dame ta kawai, wai angon ya ƙara tsawo tun rana. Sai da mai gabatarwa ya kira dangin amarya daga Maiduguri su fito hoto sannan ta nemi a buga mini waya.

"Kai ɗan nan, ƙanwar taka yaushe ta zama Babarbariya?"

Na ce, "Gwaggo, ai gobe ne."

Ta ce, "Gobe daren Lahadi ke nan. Karatun me ka yi?"

Har yau ina kan bakana cewa matsin wuri ne ya jawo, kuma da Kawu ya haƙura da nasa layin, da "Asabar 8 ga Fabrairu, ƙarfe 8:00 na dare, bayan sallar isha'i" ta samu gurbi. A daren na aika wa kowa wannan gyaran ta WhatsApp, na bi tsofaffi da waya ɗaya bayan ɗaya.

Washegari Gwaggo ta zo ta zauna a gaba, hannunta a naɗe. Da aka kira ta liƙi ta ce ita ta riga ta yi, a je Maiduguri a karɓo.