Yadda za ki kafa tebur a kasuwa ba tare da kin riƙa ɓuyar wa mai bashi ba

A ce ga wata budurwa a Kano, tana kitso da cincin a gida, tana iya ware naira 15,000 duk wata. Ta ga wata rumfa a bakin Kasuwar Rimi, ranta ya biya, tana so ta sa sabulu da omo da taliya da magi da man gyaɗa. Lissafinta ya tsaya a kan 300,000: haya ta shekara 120,000, tebur da kanta da laima 30,000, kaya 150,000. Gwaggonta ta ce ta yi haƙuri ta tara, ƙawarta ta ce ta je ta ci bashi kafin wata ta riga ta. Ƙanwata, in ke ce wannan budurwar, ki gaishe su duka da ladabi, sannan ki raba kuɗin gida biyu, domin akwai kuɗin da ke juyawa, akwai wanda ya zauna ke nan.

Fara gwada shawarar ƙawa a takarda. A ce mai ba da rancen ya ɗora kashi 5 cikin ɗari duk wata a kan uwar kuɗi har wata 6. Ruwan ya zama 90,000, za ki mayar da 390,000, wato 16,250 duk mako har mako 24. Kayan masarufi ribarsu siririya ce. In kina cinikin 20,000 a wuni da ribar kashi 10, kin samu 2,000, a kwana shida 12,000. Ragowar 4,250 daga ina za ta fito? Daga kan tebur. Kafin ki gama biya, 102,000 ta zare daga jarin 150,000, ba a ma yi maganar kuɗin adaidaita da na shara da na mai gadi ba, balle ankon bikin wannan ƙawar da ta ba ki shawara. Alamar ciwon a fili take: sarin da kike yi na katan uku ya koma ɗaya, kin fara jera kwalayen da ba komai a ciki don kanta ta yi kyan gani, kuma kina cewa mai saye ya dawo gobe. Laifin ba na kasuwa ba ne. Rabin bashin ya tafi a haya da katako, su kuwa ba wanda ke sayensu da yamma ya bar miki riba.

Gwaggo ma ba ta gama gaskiya ba. Tara 300,000 da 15,000 duk wata zai ci wata 20, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 farashi bai jira kowa ba. A 2024 hauhawarsa ta haura kashi 30 cikin ɗari. Kuɗin da ya kwana a asusu ramewa yake yi, mai rumfar kuwa ba zai ajiye miki ita don kina da kunya ba.

To ga dabarar. Haya da tebur ki fito da su daga adashe. Mata goma masu zubin 15,000 duk wata, kwasa ɗaya 150,000 ce cif. In uwar adashe ta ba ki kwasa ta uku ko ta huɗu, kin samu rance ba ruwa ke nan, kuma zubin da ya rage bai kai 4,000 a mako ba, kitsonki ma zai iya ɗaukarsa. Kaya kuwa su ne abin karɓa bashi, a hannun mai sari a Kasuwar Singa: ki ɗauki na 50,000, ki sayar, ki kai masa kuɗinsa ranar da kuka yi, ko da ana ruwa da ƙanƙara. Wanda aka biya sau uku a kan lokaci shi da kansa yake cewa a ƙara miki katan. Wannan bashin yana biyan kansa, domin abin da kika karɓa shi ne abin da kike sayarwa.

Za a ce adashe na fashewa. Haka ne, shi ya sa ake shiga na matan da aka san gidajensu, kuma sabuwar shiga ba ta cika samun kwasar farko ba, sai ta yi zagaye ɗaya an ga halinta. Za a ce mai sari yana ƙara farashi ga mai ɗaukar bashi, kuma ba ya ba baƙuwar fuska sai wani ya tsaya mata. Wannan ma gaskiya ne, amma ƙarin yana kan katan ɗin da kike gani, za ki iya cirewa daga ribarki tun kina tsaye a shagonsa, in bai fita ba ki ajiye. Mai gudun kuɗin ruwa saboda addini ma ta fi samun natsuwa a nan, tunda ciniki ne da farashi sananne da ranar biya sananniya, irin tsarin murabaha da bankin Jaiz ke aiki da shi. Abin da ya rage miki shi ne littafi da biro, da kuma ƙarfin halin rubuta sunan gwaggo a ciki ranar da ta aiko a ba ta taliya biyu kafin ƙarshen wata.