Indomi da Garinta

Indomi taliya ce ta fulawa wadda aka riga aka soya a mai tun daga kamfani, aka haɗo ta da ƙullin garin ɗanɗano. Mazauninta ɗakin tuzuru, hostal ɗin ɗalibai da teburin mai shayi, sai kuma kicin ɗin amaryar da miya ta gagara. Ƙaramar leda giram 70 ce, akasari sitaci da mai, don haka wanda ya ci bayan magariba yakan sake leƙa tukunya bayan isha'i.

Maganin da jama'a suka gano wa wannan yunwa shi ne a ƙara leda. Mutum ya sa a dafa masa uku, a juye gari uku, mai shayi ya murmusa magi a kai saboda girmama kwastoma. Garin nan kuwa yawancinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Mai leda uku ya cinye rabonsa ya ci bashin na gobe, kuma shi ne wanda idan aka auna shi aka ce hawan jini zai ɗora laifin a kan tsadar rayuwa da surukarsa.

Gyaran ba shi da wuya. Ana ɗora ruwa kofi ɗaya ga leda ɗaya, a fara zuba karas da aka yanka ƙanana saboda ya fi tauri. Bayan minti biyu a saka taliyar da albasa da attaruhu, a barbaɗa rabin garin kawai. Idan leda biyu ce, ƙulli ɗaya ya wadatar. Yar da ragowar yana yi wa mutane ciwo, tunda da kuɗinsu suka saya, amma ƙamshin albasa da zafin attaruhu suna cike gurbinsa. Kabeji ko alayyafo, cikin hannu guda, a minti na ƙarshe suke shiga. Idan kabejin ya yi laushi ya koɗe, ya wuce lokacinsa. Silin karas uku da ake jerawa a sama don ɗaukar hoto ba sa cikin lissafin kayan lambu.

Ƙwai shi ke riƙe ciki, domin guda ɗaya yana ɗauke da furotin kimanin giram 6. Ana fasa shi a kai lokacin da ruwan ya kusa tsotsewa, a rufe tukunya, a rage wuta har fari da gwaiduwa su daskare. Mai gaggawar da ya fasa shi a ruwa mai yawa ya hau juyawa zai samu dagwalgwalo mai ƙarni. Dafaffe ma ya yi, kuma ya fi soyayyen mai shayi da ke iyo a ludayin mai. Inda aka fi samun tangarɗa shi ne gidan da ake dafa leda biyar a fasa ƙwai ɗaya, a kuma kai shi kwanon maigida.