Jagora ga Marubucin Fim da Furodusa Ya Ƙwace wa Hamada

Daga cikin jarrabawar da kan afka wa mai rubuta labarin fim, babu wadda ta kai zabtare kasafin kuɗi zafi, musamman idan almakashin ya sauka a kan wurin da aka gina ƙololuwar labari, wato fitowar da duk abin da ya gabata yake tafiya zuwa gare ta. Masu sana'ar suna kiran wurin ɗaukar fim lokeshan, kuma bisa al'ada lokeshan ɗin da marubuci ya fi ƙauna shi ne wanda akanta ya fara ja wa jan layi, domin abin da ya burge mai alƙalami a kan takarda yakan zo da motocin haya, da masauki, da abincin ma'aikata, da ginin da za a rushe bayan an gama. Ya halatta marubuci ya yi zaman makoki, amma kada ya wuce kwana uku, kasancewar furodusa, wato mai kula da kuɗin fim, ba ya zuwa gaisuwa.

Misalin da ya fi dacewa a yi nazari a kansa shi ne fim ɗin Back to the Future na shekarar 1985, wanda Robert Zemeckis da Bob Gale suka rubuta, kamfanin Universal na Amurka kuma ya fitar. Labarin wani saurayi ne mai suna Marty, wanda motar da abokinsa Doc Brown ya ƙera ta mayar da shi shekarar 1955, inda ya maƙale saboda babu fulutoniyam, sinadarin da ke bai wa motar ƙarfin ratsa zamani. A rubutun farko-farko, mafitar ita ce a kai na'urar filin gwajin bam ɗin nukiliya da ke hamadar Nevada, ta zuƙi ƙarfin fashewar ta koma gida. Tunanin yana da tushe a tarihi, domin a 1955 gwamnatin Amurka ta yi irin waɗannan gwaje-gwaje a can, har da gina gidaje a zuba mutum-mutumi a ciki don a ga yadda bam zai yi da su. Sai dai gina irin wannan gari na bogi da tarwatsa shi zai ci kimanin dala miliyan 1, kamfani kuma ya nemi a rage kuɗi, saboda haka hamada da bam suka tafi tare a rana ɗaya.

Matakin farko bayan makoki shi ne marubuci ya daina kallon lokeshan ɗin da ya rasa a matsayin masoyi, ya dube shi a matsayin ma'aikacin da aka sallama, ya tambayi kansa ayyukan da yake yi waɗanda yanzu babu mai yin su. Idan aka yi wa filin gwajin Nevada wannan binciken, za a tarar yana riƙe da ayyuka huɗu. Yana samar da ƙarfin da motar ke buƙata, yana kafa wa'adin da ba a ɗagawa tun da bam yana da ƙidayar daƙiƙu, yana kawo haɗari, sannan yana zama wurin rabuwar abokai biyu alhali Marty ya san ranar da za a harbe Doc. Na ƙarshen nan shi ne abin da ke taɓa zuciyar mai kallo, kuma abin lura shi ne bai ci ko sisi daga cikin miliyan ɗin ba. Abin da ya ci kuɗin shi ne aiki na biyar wanda marubuta ba sa son ambata, wato sa mai kallo ya buɗe baki, kuma wannan ne kaɗai ya halatta a binne shi tare da mamaci.

Daga nan sai a tafi neman wanda zai gaji ayyukan, kuma ƙa'idar neman ita ce a fara da wurin da aka riga aka biya kuɗinsa. Zemeckis da Gale suna da dandalin garin Hill Valley, wanda yake tsaye a filin bayan sutudiyon Universal, inda ake ajiye fuskokin gine-gine marasa ciki don ɗaukar fim, kuma a gaban dandalin akwai ginin kotu. Suka ɗora agogo a saman kotun, suka ce aradu za ta faɗa masa. Aradu ta karɓi aikin samar da ƙarfi, gigawat 1.21 kamar yadda fim ɗin ya ƙayyade, kuma ba ta nemi masauki ko kuɗin mota ba. Amma aradu tana da aibin da bam ba shi da shi, domin babu wanda ya san lokacin da za ta sauka ko inda za ta sauka, kuma wa'adin da ba a san lokacinsa ba ba ya hana kowa numfashi. A nan agogon ya biya kuɗin hayarsa, saboda agogon da aradu ta kashe yana tsayawa ne daidai mintin da abin ya faru, ya ci gaba da shaida wa garin har shekara 30 cewa ƙarfe 10:04 na dare ne.

Wurin da akasarin masu gyara suke faɗuwa shi ne su musanya fitowar ƙarshe kawai, su bar sauran shafuka yadda suke, sai sabon lokeshan ya bayyana a minti na casa'in ba tare da kowa ya taɓa jin labarinsa ba. Maganin wannan shi ne shimfiɗa, wato ajiye bayani tun farkon labari cikin sigar da mai kallo ba zai gane ana shirya masa wani abu ba. A farkon fim ɗin, a shekarar 1985, wata mata mai neman gudummawar adana hasumiyar agogo ta katse hirar Marty da budurwarsa Jennifer, ta miƙa masa takarda mai ɗauke da labarin daren da aradu ta faɗa. Marubutan sun san cewa babu saurayin da ke adana takardar neman taimako fiye da taku goma, saboda haka suka sa Jennifer ta rubuta lambar wayar gidan kakarta da kalmar soyayya a bayan takardar. Da wannan ɗan rubutu takardar ta samu dalilin zama a aljihu har zuwa 1955, mai kallo kuma yana zaton fitowar soyayya ya gani, alhali an damƙa masa rana da minti da wurin da labarin zai ƙare. Ana ba marubuci shawara ya lura cewa takarda guda da biro sun ɗauki nauyin da aka so ɗora wa hukumar soja da bam, kuma kada ya sanar da furodusa wannan da wuri, don kada ya ɗauka kowace fitowa ana iya yi mata haka.

Saura haɗari, wanda ba ya canjawa daga babban wuri zuwa ƙarami sai an farfasa shi. Bam haɗari ne guda ɗaya mai girma da ke zuwa sau ɗaya, dandalin gari kuwa sai an tara masa ƙananan masifu masu bin juna. Dole motar ta kai gudun mil 88 a awa, ƙugiyar da ke bayanta ta taɓa wayar da aka ja daga hasumiya daidai lokacin da aradu ta sauka. Sai iska ta karya reshen bishiya ya tsinke haɗin wayar, Doc ya hau hasumiya ya maƙale a jikin agogo, bakin ginin ya gutsure a ƙarƙashin ƙafarsa, motar kuma ta mutu a lokacin da ya kamata ta tashi. Wannan ya haifar da ribar da hamada ba za ta iya bayarwa ba, domin babu ɗan Adam da zai tsaya kusa da bam, don haka da Doc ya zama ɗan kallo daga nesa, amma a dandali shi ne yake sa ransa a haɗari saboda yaron. Rabuwar ma ta ƙara nauyi, tun da Doc ya yaga wasiƙar gargaɗin da Marty ya rubuta masa, kuma da Marty ya ɗaga murya zai faɗa masa da baki, ƙararrawar agogon ce ta danne muryar. Ga shi kuma duk wannan yana faruwa a daren 12 ga Nuwamba 1955, daren da iyayen Marty suke rawar makaranta a cikin garin, ba tare da an ɗauke jarumi daga California zuwa wata jiha ba.

Akwai hanyoyi biyu na gaggawa da shaiɗan kan raɗa wa marubuci, kuma masu shirya fim a Kano da Kaduna, waɗanda ƙarancin kuɗi ba baƙo ba ne a wurinsu, za su gane su. Ta farko ita ce a mayar da fitowar cikin falo, wani ya shigo yana haki ya ba da labarin abin mamakin da ya faru a wurin da ba a iya zuwa ba, sauran kuma su yi salati. Wannan tana da arha ƙwarai, illarta kawai ita ce mai kallo ya biya kuɗi ya ga fim, an ba shi rahoto. Ta biyu ita ce a nace wa tsohon lokeshan a kwaikwaye shi da abin da ya samu, a zuba yashi tifa biyu a bayan gida a tayar da hayaƙi a kira shi hamada, wanda hakan yakan jawo dariya a daidai inda aka so hawaye. Hanyar gane ko gyara ya kama ita ce a miƙa sabon rubutun ga wanda bai taɓa ganin tsohon ba, a kuma kame baki daga yi masa bayanin abin da aka rasa. Idan ya tambayi dalilin da ya sa abin ya faru a nan, shimfiɗa ba ta isa ba, idan kuma ya tarar da jarumi yana shirin tafiya wurin da ba a ƙara ambata ba, an bar gawar tsohon rubutu a shafi na arba'in.

Ya kamata a faɗi gaskiya cewa sabon wurin ba kyauta ba ne, domin ɗaukar fim da dare yana cin fitilu da kuɗin ƙarin lokaci, ana buƙatar injinan hura iska, aradun kuma sai da kamfanin Industrial Light and Magic ya zana ta. Marubucin da ya maye gurbin fitowa mai tsada da wata wadda bai kai wa mai lissafi ya duba ba yana iya sake zaman makoki a mako mai zuwa. Duk da haka fim ɗin, wanda ya ci kimanin dala miliyan 19, shi ya fi kowane fim samun kuɗi a 1985, kuma an sa rubutunsa cikin masu takarar kyautar Oscar.

Shawara ta ƙarshe ita ce kada marubuci ya ƙona shafukan da aka cire cikin fushi, ya adana su inda gara ba za ta kai ba. A rubutun farko na wannan labari akwai firji a cikin shirin tsira daga bam ɗin, kuma Steven Spielberg, wanda yana cikin manyan furodusoshin fim ɗin, bai manta ba. A shekarar 2008, a fim na huɗu na Indiana Jones, ya gina garin bogin a hamada, ya zuba mutum-mutumin, ya tura jaruminsa cikin firji, ya tayar da bam ɗin da kuɗin wani kamfani.