Yadda Ake Ba Kwastoma Haƙuri Ta Imel Idan Kaya Sun Makara

A ce kana zaune a Dagumawa, kana haɗa manyan riguna masu aikin hannu. Wani Alhaji a Abuja ya biya kuɗin guda goma, ka ce masa Laraba 4 ga wata za su isa, biki kuma Asabar 14 ga wata ne. Yau Talata, bakwai sun kammala, uku na hannun mai bugu. Kada ka kashe waya, ɗan'uwa. Buɗe imel mu gyara lamarin.

Na farko, ka riga shi magana

Haƙurin da aka bayar ranar Talata sanarwa ce. Wanda aka bayar ranar Alhamis, bayan Alhaji ya kira ya gaji, kare kai ne. Tun daga kan saƙon ka faɗi abin da ke ciki: "Jinkirin rigunanku 10 da sabuwar ranar isowa". Idan ka rubuta "Salam" kawai, zai ɗauka gaisuwar Juma'a ce ta yi sammako.

Na biyu, gaisuwa layi ɗaya, dalili layi ɗaya

Mu mutanen gaisuwa ne, amma wanda ke jiran kayan biki ba zai iya jiran ka tambayi lafiyar iyali da gajiya da ruwan sama ba. Yi sallama, ka shiga magana. Dalili kuma ɗaya tak, na gaskiya. Ka bar kakarka ta huta, kada ka kwantar da ita asibiti saboda riguna uku. Kada kuma ka jingina laifin ga gadar Wudil. Kowa ya san ranar Juma'a kasuwa ke ci, motocin shanu su cika hanya, don haka wanda ya tsara tura kaya ran nan shi ya ja wa kansa.

Na uku, "kaya na hanya" ba rana ba ce

Nan ne zuciyar wasiƙar. Ka ce in sha Allah, wannan wajibi ne, amma ka ɗora masa kwanan wata. Lissafin kuma daga baya ake yin sa: ranar biki, ranar isa Abuja, ranar lodi a Kano, ranar fita daga Dagumawa. Kafin ka rubuta komai, je wurin mai bugu ka ga rigunan da idonka. In ya ce maka Asabar, kai ka rubuta Litinin. Abin da ya kammala kuwa ka tura shi yanzu, domin riguna bakwai a hannu sun fi dogon bayani sanyaya zuciya.

Ga yadda saƙon zai kasance

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ina ba ku haƙuri, rigunanku 10 ba za su iso gobe Laraba 4 ga wata ba kamar yadda na yi alkawari. Uku ba su fito daga wurin bugu ba, kuma ni ne ban ba aikin isasshen lokaci ba.

Ga sabon tsari, in sha Allah. Guda 7 za su bar Dagumawa ranar Alhamis 5 ga wata da safe, a yi lodinsu a tashar Unguwa Uku a Kano, ku karɓa a Abuja ranar Juma'a 6 ga wata. Sauran 3 za su tashi Litinin 9 ga wata, su iso Talata 10 ga wata. Kuɗin mota na biyun a kaina yake. Da zarar an yi lodi zan turo hoton rasit da lambar direba.

Idan ukun ba su iso ranar Talata ba, zan mayar muku da kuɗinsu ranar Laraba 11 ga wata, don ku samu damar neman wasu kafin biki. Idan kun fi son a haɗa goman a turo lokaci guda, ku sanar da ni yau.

Na gode da haƙurinku."

Na huɗu, gwada saƙon kafin ka tura

Ba wa yaron shagonka ya karanta, sannan ka tambaye shi: guda nawa, yaushe, a ina, wa zai biya? In ya amsa duka ba tare da ya sosa ƙeya ba, tura. In ka ga "ka yi haƙuri" ya fito sau biyar, kwanan wata kuma babu ko ɗaya, goge ka sake.

Ranar Alhamis kuma, ko Alhaji bai tambaya ba, tura masa hoton rasit ɗin nan. Alkawari kaya ne, na biyu kuwa ya fi na farko nauyi. Kwastoma yakan yafe jinkiri ɗaya, amma idan ka saɓa ranar da ka sa da hannunka a wasiƙar ban haƙuri, ɗinkin Sallah wani zai kai wa.