Kuɗin Kwano

Mu fa a unguwar nan ba ma faɗan gado. Tambayi kowa, zai ce maka ai Allah ya riga ya raba, malami kawai ake kira ya buga lissafi. Abin da muke yi shi ne faɗan kwano, faɗan rijiya, faɗan tsohon keken da ko sarƙa ba shi da ita. Na ji wani da kunnena ta katanga, bayan Inna ta makwabtanmu ta fita takaba, wata 4 da kwana 10 cif.

Lissafinsu ko ɗan firamare zai yi. Malam, mijin Inna, ya bar mata ɗaya, ɗa namiji da 'ya mace, ba bashi, ba wasiyya. Dillalai suka yi wa gidan kuɗi naira miliyan 24. Inna tana da tumuni, miliyan 3. Ragowar 21 a kasa uku, Yaya ya ɗauki 14, Auta 7. Malamin ya shafa fatiha ya tafi, sai aka fara ainihin zaman.

"Kafin a raba," in ji Yaya, "a cire kuɗin kwanon da na yi wa gidan nan."

"Wane kwano, Yaya?"

"Ke ba ki san da daminar da soron Baba ya yi yoyo ba? Wa ya turo kuɗi?"

"Na sani mana. Ni na tara roba a ƙarƙashin yoyon har kuɗin suka iso."

"To a cire."

"Bashi ka ba shi ko kyauta? In bashi ne kawo shaidu. In kyauta ce, ta zama dukiyar mamaci, malamin ma ya faɗa."

Nan Auta ta fi shi gaskiya, kuma ya sani. Mutumin da yake da gida nasa a Abuja, kuɗin bandir nawa ne zai tsone masa ido? Shekara 3 Malam yana kwance, Yaya sai dai waya da aike. Ranar rasuwar ma yana kan hanya aka kai Malam makwancinsa, don mu ba ma ajiye gawa jiran kowa. Ya iso ya tarar ana zaman makoki.

"Shi ke nan, bar kwanon," ya ce. "Zan biya ki miliyan 7 ɗinki, gidan ya zauna a hannuna."

"Ba na son kuɗi. A yanka mini ɗakin da ke kusa da rijiya."

"Ɗaki ɗaya? Ko rabin kasonki bai kai ba. Ke da kike gidan mijinki, me za ki yi da ɗaki?"

"Zan zuba kaya."

"Wane kaya?"

"Kaya dai."

Ɗakin nan, kowa a layinmu ya sani, nan aka dawo da Malam da jinya ta yi tsanani, don ya fi kusa da ruwa. Nan Auta ta riƙa kwana a tabarma, tana juya shi, tana dama masa kunu, mijinta yana ta haƙuri. Jinya kuwa ba ta da kaso a rabon gado, babu malamin da zai ce ga sudusin wanda ya yi wanki.

"To ni zaure nake so," in ji Yaya, "da buzun Baba da allonsa."

"Buzun da asu ya cinye?"

"A bar ni da shi haka."

"Ai ni na ɗauka kwano kake so."

Aka yi shiru har na zaci sun tashi. Can sai na ji ya ce, "Da zai cika, ya yi magana?"

"Ya yi salati."

"Shi ke nan?"

"Ya tambaya ko an ba akuya ruwa."

"Akuya."

"Akuya, Yaya. Ita ma tana cikin gado, dillalai sun manta ba su yi mata kuɗi ba."

Sai ga muryar Inna daga ɗaki: "Ku dai in kun gama yanka gidan, ku nuna mini inda tumunina ya faɗo in shimfiɗa tabarma." Duk suka haɗa baki, "Haba Inna, wa zai tashe ki?" A nan kaɗai na ji bakinsu ya zo ɗaya.

Mai unguwa ya ce in sun kasa daidaitawa su tafi gaban alƙali, a sayar a ba kowa nasa. Babu wanda ya je. Yaya ya koma Abuja da buzu a bayan mota, makullin ɗakin rijiya yana ɗaure a bakin zanen Auta, akuya kuma ta haifi biyu. Yau shekara 2 ke nan ba a raba gidan ba, kuma da sallar da ta wuce na ji sun sake tayar da maganar kwano.